"Gari" da "gaari": ashe ba tsawo kaɗai ya raba su ba?

Ɗan_Birni: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina shekarar ƙarshe a jami'a nan Damagaram, kuma aikin kammala karatuna a kan wasulan Hausa ne. A aji an koya mana cewa wasulanmu biyar ne, kowane da dogo da gajere. Ni kuwa sai na ɗauka dogon wasalin "a" gajeren ne da aka ja, shi ke nan. Jiya na ɗauki muryata ina faɗin "gari" na zama da "gaari" na tuwo, sau goma-goma, na sa a Praat, shirin kwamfuta na auna sautin magana. Dogon ya ba ni forman na farko, wato F1, wajen 750 Hz, tsawonsa milisakan 180. Gajeren kuwa F1 wajen 530, milisakan 70. Forman na biyu, wato F2, ma ya bambanta, 1300 a dogon, 1550 a gajeren. Tsawon ban yi mamakinsa ba, amma me ya sa forman suka sauya? Na'urar ce ta yi kuskure ko ni? Abu na biyu, ƙanwata ta turo mini nata ta saƙon murya, sai na ga lambobinta duk sun fi nawa, har gajeren a ɗinta ya kusa kai dogon nawa. Mu da muka tashi ɗaki ɗaya.

Mai_Rediyo_Zango: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wannan karin sauti ne. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, in murya ta hau dole lambar ta hau. Ita ma ƙanwarka haka ne, muryar mace ta fi ta namiji siranta. Shekarata goma sha huɗu ina haɗa sauti, kullum haka nake gani a allo.

Ƴar_Tanut: Yaya Mai_Rediyo, a kalmomin nan biyu karin ɗaya ne. "Gari" ƙasa-sama, "gaari" ma ƙasa-sama, gaɓar farko a ƙasa take a duka biyun. Shi ya sa ma malamai suke son wannan misali. Da kari ne ya kawo bambancin, ai da babu bambancin.

Malam_Furuci: Ɗana, na'urarka lafiyarta lau, kai ma ba ka yi kuskure ba. Bari in fara da maganar Mai_Rediyo, don abin da ya haɗa mutane da yawa suna haɗa shi.

Abubuwa biyu ne suke aiki in ka furta wasali. Na farko tantanin maƙwallato, yana buɗewa yana rufewa da sauri. Yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya shi ne kaurin murya ko sirantarta, shi ake rubutawa F0, kuma a nan karin sautin Hausa yake zaune. A babban namiji yakan zama wajen 100 zuwa 130, a mace wajen 200 ko fiye. Na biyu shi ne kogon da sautin ke bi kafin ya fito, daga maƙoshi zuwa leɓɓa. Wannan kogo yana ƙarfafa wasu sassa na sautin, yana danne wasu. Wuraren da ya ƙarfafa su ne forman.

Kowa a garin nan ya taɓa tsayawa layin famfo. In ana cika jarka ba sai ka leƙa ba, kunnenka zai gaya maka ta kusa cika, don amon yana ƙara siranta. Ruwan da ke zuba bai sauya ba, sararin iskar da ke cikin jarkar ne yake ƙanƙancewa. To zubar ruwan shi ne maƙwallato, sararin jarkar shi ne baki. Wanda yake shakka ya gwada faɗin i, e, a, o, u da raɗa. A raɗa tantanin ba ya kaɗawa, babu kari ko kaɗan, amma na kusa da kai zai gane kowane wasali.

Mai_Rediyo_Zango: Allah gafarta Malam, na gwada raɗar, gaskiyarku ne. Amma batun mace fa? Nan ban janye ba tukuna.

Malam_Furuci: Rabin maganarka daidai ne, lambobin mace sukan fi na namiji. Dalilin ne ba wanda ka faɗa ba. Kogon bakinta ne ya fi gajarta. Ka ɗauki bututu miƙaƙƙe, rufe a gefe ɗaya, buɗe a ɗayan, mai tsawon santimita 17.5, kusan tsawon na babban namiji daga maƙwallato zuwa leɓɓa. Sauti yana gudun santimita wajen 35,000 a daƙiƙa cikin iska mai ɗumi irin ta baki. Ka raba 35,000 da tsawon bututun sau huɗu, wato 70, za ka sami 500. Shi ne forman na farko. Na biyu ninkinsa uku, 1500, na uku ninkinsa biyar, 2500. Yanzu ka mai da bututun santimita 15, kamar na mata da yawa. Na farko ya koma wajen 580, na biyu 1750. Ba a taɓa maƙwallato ba ko kaɗan, komai ya ɗaga. Namiji zai iya sirantar da muryarsa har ta kai ta mace, amma forman ɗinsa ba za su bi ta ba, shi ya sa kunne yake gane shi.

An daɗe da auna wannan. A 1952 Peterson da Barney sun ɗauki muryar mutum 76 masu Ingilishin Amurka, maza da mata da yara. A wasalin i mai tsawo, matsakaicin maza F1 270 ne, F2 2290, na mata kuwa 310 da 2790. Wasali ɗaya ne a kunne, amma a takarda akwai tazarar 500 a F2.

Uwar_Biyu: Ku yi haƙuri da ni, ni ba ɗaliba ba ce, sha'awar Hausa ce ta kawo ni zauren nan. Shi hoton muryar da na'urar take nunawa, me mutum yake gani a ciki?

Ƴar_Tanut: Inna, sunansa sifektirogiram. Daga hagu zuwa dama lokaci ne yake tafiya. Daga ƙasa zuwa sama kuwa, amo mai kauri a ƙasa, mai siranta a sama. Inda ya yi baƙi, nan ƙarfin sautin yake. A kan wasali za ki ga wasu baƙaƙen zane a kwance, kamar ratsin luru, ɗaya bisa ɗaya. Na can ƙasa shi ne F1, na bisansa F2. In kika ce "iii" za ki ga ɗaya can ƙasa ɗaya can sama, fili fari tsakaninsu. In kika ce "aaa" sai su matso juna a tsakiya. In kika ce "uuu" duka biyun su gangara ƙasa su kusa haɗewa. Ranar da na fara ganin wannan da muryata, na fi awa ina faɗin i-a-u ina kallon zanen suna motsi.

Malam_Furuci: Madalla da ƴata. Abin da ke motsa su ke nan: F1 yana bin buɗewar baki. In haɓa ta sauka harshe ya yi ƙasa, F1 ya hau. In harshe ya ɗaga kusa da ganɗa, ya sauka. F2 kuma yana bin gaba da baya. Harshe a gaba, kogon da ke gabansa ƙarami, F2 a sama. Harshe a baya, ga leɓɓa an turo su an kewaye, kogon ya yi tsawo, F2 a ƙasa.

To Ɗan_Birni, karanta lambobinka da wannan. F1 750 a "gaari" yana cewa baki ya buɗe sosai. 530 da 1550 a "gari" ka duba yadda suka yi kusa da 500 da 1500 na bututun can. Ma'ana harshenka bai sauka ƙasa ba, ya tsaya ne a tsaka-tsaki. Masana Hausa sun daɗe da lura da kunne cewa gajerun wasula a tsakiyar kalma sukan karkata zuwa tsakiyar baki, kuma baƙaƙen da ke gefensu suna jan su. Kai dai ka gani ne da ido. Sa hannu a haɓarka ka faɗi kalmomin biyu, za ka ji bambancin.

Alaramma_Garin_Malam: Wannan ai a tajwidi mun san shi. Madda ta asali haraka biyu ce, fataha ɗaya. In yaro ya gajarta inda ake ja, mukan gyara masa tun yana kan allo. Ban ga abin da na'ura ta ƙara ba.

Ɗan_Birni: Allah gafarta Malam, tsawon kam kun riga mu saninsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba tsawon kaɗai ya sauya ba, har da kamannin wasalin. Kamar a ce fatahar da ba a ja ba, bakin ma ba ya buɗewa kamar wadda aka ja.

Alaramma_Garin_Malam: To wannan wata magana ce. Mu dai a karatu ana so a cika fataha ko gajeriya ce, baki ya buɗe. Wataƙila shi ya sa muke shan wahala da yaran da suka saba da bakin Hausa. Zan ƙara saurarensu gobe da asuba.

Mushe_Mirya: Ni abin da ya dame ni rubutu ne. Ina koyar da yara karatun Hausa, kuma kullum sai mun tsaya a kan "fasa ƙwai" da "fasa tafiya", harufa ɗaya kalmomi biyu. In har na'ura ta nuna wasula biyu ne daban, me zai hana a ba kowane harafinsa?

Ƴar_Tanut: Mushe, wannan muhawara ce mai zaman kanta, kuma na'ura ba za ta yanke ta ba. Amma kun kawo wa Ɗan_Birni kyauta ba ku sani ba. "Fasa" da "faasa" sun fi "gari" da "gaari" daɗin aunawa. Karinsu ɗaya, sama-ƙasa, kuma f da s ba su da ziza, wato tantanin maƙwallato ba ya kaɗawa a kansu, don haka a hoton za ka ga daidai inda wasalin ya fara da inda ya ƙare. A "gari" r ɗin bugu ɗaya ne na harshe, iyakarsa ba ta fita sosai, ga kuma i na ƙarshe yana jan harshe gaba tun kafin a iso gare shi. Ina zargin wani ɓangare na 1550 ɗinka aikin wannan i ne. Akwai kuma "dafa" abinci da "daafa" bango. Ka guji kalmomi masu m da n, irin su "mama" da "nama", don iska na bi ta hanci, sai wani amo ya shigo ƙasa-ƙasa ya rikita F1.

Babarbaren_Gure: Mu a Barbarci muna da wasali na shida bayan biyar ɗin nan, ana rubuta shi ǝ, kuma a tsakiyar baki yake. Tun ina yaro nake jin gajerun wasulan Hausawa a tsakiyar kalma suna kama da shi. Ko shi ne wannan na "gari"?

Malam_Furuci: Sun yi unguwa ɗaya, amma ba zan ce gida ɗaya ba sai an auna. A kunnena naku ya fi ɗaga harshe, wato zan sa ran F1 ɗinsa ya fi ƙasa. Hanyar ganewa ita ce a sami mutum ɗaya mai jin harsunan biyu tun yarinta, irinka, a ɗauki duka biyun daga bakinsa. Damagaram cike take da irin waɗannan mutane. Bambancin da ba ya buƙatar na'ura shi ne, a Barbarci wasali ne mai cin gashin kansa, a Hausa kuwa yanayi ne da gajeren wasali yake shiga.

Injiniya_Sabon_Gari: Ku dawo kan ƙanwar, don ina ganin akwai matsala biyu a wurin da ba a taɓa ba. Ɗan_Birni, da ka buɗe muryarta ka sauya `Formant ceiling (Hz)`? A tsofaffin Praat sunansa `Maximum formant (Hz)`. Yana zuwa a 5500, wanda aka tsara don muryar mace. Ta namiji 5000 ake sawa. Lissafin Malam ma ya nuna dalili: shirin yana neman forman biyar, na biyar a bututun 17.5 yana 4500, a na 15 kuwa ya haura 5200. In ka ba shi rufin da bai dace ba, zai nemo biyar ɗin ko ta halin ƙaƙa, sai ya ƙirƙiro wanda babu ko ya haɗe biyu su zama ɗaya. Da rubutu haka ake yi wa namiji:

```
To Formant (burg): 0, 5, 5000, 0.025, 50
Get value at time: 1, 0.35, "hertz", "linear"
```

0.35 ɗin misali ne, ka sa lokacin tsakiyar wasalinka. Na biyu, saƙon murya matsattse ne, an zubar da wani ɓangare na sautin don ya yi sauƙin turawa. Kada ka gwama shi da naka da ka ɗauka kai tsaye. Ka zaunar da ita a ɗaki ɗaya, makirufo ɗaya, ka ajiye a WAV, kuma ka kashe fanka.

Ɗan_Birni: Injiniya, ban taɓa wannan wurin ba sam. Ke nan nata ne aka auna da rufin da ya dace, nawa ne a kan 5500. Zan sake duka.

Ƴar_Tanut: Kuma kada ka yarda da jajayen ɗigon da Praat ke nuna forman da su ido rufe. Ni abin da ya same ni a kan u ne. Na auna "duuka" na sami F2 sama da 2000, na rubuta, na ci gaba, har na yi shafi guda ina bayanin wai u ɗin mutanen Tanut na gaba ne. Da malamina ya duba hoton sai ya nuna mini F1 da F2 sun manne a ƙasa, shirin ya ɗauke su ɗaya, ya ba ni F3 a matsayin F2. Alamar ita ce ɗigon ba su hau kan baƙin zanen ba, ko kuma suna tsalle daga wuri zuwa wuri alhali kunne yana jin wasali ɗaya. Tun daga ranar, hoto nake fara kallo kafin lamba.

Mai_Rediyo_Zango: Na sauke shirin na gwada. Ni zane sun fi ashirin nake gani, sirara, kuma in na ɗaga murya duk sai su hau. Malam, ba wannan ne abin da na faɗa tun farko ba?

Injiniya_Sabon_Gari: Yaya, duba `Window length (s)` a saitin hoton. Na tabbata ka mai da shi 0.03 ko kusa da haka. A nan abin da kake gani ninke-ninken F0 ne: in muryarka tana 120, za ka ga 120, 240, 360, haka har sama, kuma lalle suna bin kari. Mai da shi 0.005, siraran za su narke, masu kaurin nan uku ko huɗu su fito. Su ne ake magana a kai.

Malam_Furuci: Abin da Mai_Rediyo ya gani yana da amfani, don shi ne iyakar aikin nan. Forman ba ya bayyana sai ta kan waɗannan ninke-ninke. Namiji mai 120, tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce, duk inda forman ya faɗo akwai na kusa da shi. Mace mai 230 kuwa tana da 230, 460, 690. In F1 na i ɗinta yana wajen 320, ya faɗa a rami tsakanin biyu, kuma shirin yakan karkata zuwa ga wanda ya fi ƙarfi. A muryar ƙananan yara abin ya fi muni. Saboda haka bambancin 30 ko 40 Hz a F1 na mace kada ka gina magana a kansa. Naka na 220 ya wuce wannan shakka nesa.

Game da gwama ka da ƙanwarka, kada ka ɗora lambarta kan taka. Ka auna i da a da u masu tsawo a bakinta, su ne kusurwoyi uku na filinta, sannan ka ga inda gajeren a ya faɗo a cikin nata filin. Kai ma haka. Akwai lissafin da Lobanov ya kawo a 1971 mai yin wannan daidaitawa, amma ka fara da zana filin a takarda, F1 yana ƙaruwa zuwa ƙasa, F2 yana ƙaruwa zuwa hagu. Za ka ga ya fito kamar taswirar wasulan da ke littafinku.

Ɗan_Birni: Na dawo. An ɗauke wuta jiya da dare, ɗakin ya yi tsit, na yi amfani da damar. Na sa rufin 5000, na faɗi kalmomin a cikin "Ya ce … kuma", na auna a tsakiyar wasali. "Faasa" F1 740, milisakan 170. "Fasa" 570, milisakan 75. F2 na gajeren ya sauko zuwa 1400, ke nan Ƴar_Tanut ta yi gaskiya kan i na "gari". Ƙanwata kuwa dogon 900, gajeren 700, wato ita ma gajeren nata yana tsakiyar filinta ne, kamar nawa.

Sai na yi wani gwaji da ba wanda ya sa ni. Na faɗi "fasa" a hankali, gajeren ya kai milisakan 105, F1 ya hau 630. Na faɗi "faasa" da sauri, ya sauko milisakan 120, F1 ya tsaya 700.

Ƴar_Tanut: Ka ga abin da nake zato ke nan. Rashin lokaci ne kawai. A f baki kusan a rufe yake, a s ma haka, a milisakan 75 haɓa ba ta isa ƙasa ba aka kira ta ta dawo. Da ka ba ta lokaci sai ta ƙara sauka. Lindblom ya nuna irin wannan a wasulan Suwidanci tun 1963. A ganina wasali ɗaya ne, ɗaya yana isa inda aka aike shi, ɗaya yana juyowa a hanya.

Malam_Furuci: Ƴata, ban musa ba cewa lokaci yana da hannu, lambobinsa sun nuna. Amma ki duba, 105 da 120 sun kusa zama tsawo ɗaya, duk da haka akwai tazarar 70 tsakaninsu. Ni ina ganin Bahaushe ya riga ya koyi cewa gajeren yana da mazauninsa daban, ko an ba shi lokaci ba zai sauka duka ba. Sai dai mutum ɗaya ne, kuma ya san abin da yake nema, hakan kan sa baki ya bi zuciya. Ɗana, nemo mutum shida ko takwas da ba su san dalilin ba, ka cakuɗa kalmomin da wasu don kada su gane.

Ƴar_Tanut: Baba, 70 ɗin nan a kan maimaici nawa? In goma ne kuma suna warwatse, tazarar za ta iya narkewa. Ɗan_Birni, turo lambobin ɗaya bayan ɗaya, ba matsakaici ba. Ka haɗa da gajeren a na ƙarshen kalma, kamar na "duka", don shi a kunnena ba ya zuwa tsakiya kamar na ciki.

Babarbaren_Gure: In ana neman mai harshe biyu, ina Zango duk ranar Alhamis, ina zuwa kasuwa. A faɗa mini lokaci.

Mushe_Mirya: Ni ma a sa ni a lissafi, amma tunda na karanta duk wannan, ina jin na riga na san abin da ake nema. Zan turo maƙwabcina, shi bai shiga zauren nan ba.